Motar da ke taka birki da kanta ba ta san hanyar Maine ba

Cikin motocin da ake shigowa da su daga Kwatano, yanzu muna ganin masu na'urar da ake kira ACC: ka saita gudu, ka ɗauke ƙafa, mota ta riƙa bin ta gabanta, tana ragewa tana ƙarawa da kanta. Har mun ji wasu direbobi a Diffa suna cewa "ai motar ta fi ni gani". To, a nan muke da ja.

Abin da na'urar ke lissafawa lokaci ne. Rada da ke hancin mota tana auna nisan motar gaba da gudunta, sai ta bar tsakani gwargwadon sakan ɗin da ka zaɓa a maɓallin sitiyari, galibi daga ɗaya zuwa biyu da 'yan kai. A gudun kilomita 90, mota na cin mita 25 kowane sakan. Ke nan sakan biyu mita 50 ne, sakan ɗaya kuwa mita 25 kacal. Kuma ba ta san ko yashi ya hau kwalta ba, ko tayarka ta suɗe. Tazarar ɗaya ce a wajenta.

Mu ɗauka ka baro Diffa za ka Maine-Sorowa, kana bin babbar mota ɗauke da buhunan tattasan Komadugu. Kwatsam ta kauce, sai ga amalanke tsaye a kan hanya. Da yawa cikin na'urorin nan, in ana gudu sosai, ba sa kula abin da ke tsaye cik, don kada su riƙa taka birki saboda allo ko icen bakin hanya. Ko ta gan shi ma, birkinta mai sauƙi ne, bai kai rabin ƙarfin birkin mota ba: tana buƙatar kusan mita 90 kafin ta tsaya, kai kuma 50 gare ka. Ƙara kawai za ta yi maka. Ƙafarka ce za ta cece ka, in tana kusa.

Sai batun gyara. Motar da aka sauya wa bamba, ko aka ɗaura wa ƙarfen kariya a gaba, radarta na iya karkacewa. In ka ga tana rage gudu ba kowa gabanka, ko tana ɓatar da motar da take bi, kashe ta har mai gyara ya daidaita.

Mu dai ra'ayinmu, a kunna ta kan kwalta mai kyau, miƙaƙƙiya, da rana, ba ƙura, a zaɓi tazara mafi tsawo. Cikin gari, kusa da shingen jami'an tsaro, ranar kasuwa, mashigar raƙuma da shanu, ko hazon hunturu, a kashe ta, direba ya riƙe motarsa. Allah ya kiyaye hanya.