Gizo, Hankaki da Jadawalin Mako Guda

Akwai salon koyarwa da ke samun karɓuwa a ƙananan azuzuwan firamare: malami ya ɗauki labari guda ya karanta wa yara, sannan ya gina darussan harshe da lissafi da zane na mako a kansa. Ina goyon bayan salon, amma da sharaɗi. Tilas lissafin ya fito daga cikin abin da ya faru a labarin. In an liƙa shi ne daga waje, an ɓata labarin, lissafin kuma bai zauna ba.

Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki, mu ce aji biyu ake koyarwa. Hankaki na zuwa cin ɓaure a tsakiyar kogi. Gizo ya roƙa su tafi da shi, suka ara masa gashinsu ya yi fukafukai. Da aka isa sai ya hana kowa ci, ya ce duk ɓauren nasa ne. Suka fige gashinsu, suka bar shi a kan reshe. Malamin da ya ce a ƙirga bishiyoyin bakin kogi ya liƙa lissafi ne kawai, don yawansu bai canza komai ba. Amma aro tarawa ne, figewa kuma ɗebewa ce, kuma a kansu makomar Gizo ta rataya. Yaro zai so ya san gashi nawa ya rage, domin yana jiran ya ga ko Gizo zai faɗa ruwa.

Kafin Litinin malami ya rubuta abu uku da yake son gani ran Juma'a: yaro ya maimaita labarin bi da bi, ya bambanta k da ƙ a rubuce, ya ƙirga bibbiyu daga 20 zuwa sifili. Tatsuniyar ba ta ƙayyade yawan hankakin ba, saboda haka shi zai yanke: hankaki 10, kowanne ya ba da gashi 2.

Ran Litinin karatu ne zalla, na kamar minti bakwai, a dakata daidai inda Gizo ya hana kowa ɓaure, a tambayi yara me hankaki za su yi. Ran Talata a sake karantawa, a jera aukuwa huɗu a allo: roƙo, aro, haɗama, figewa. Hankaka da kansa ya kawo darasin haruffa, domin yana da baki, kuma baƙi ne. Lanƙwasa ɗaya a kan harafi ta raba kalmomin biyu.

Ran Laraba yara goma su zama hankaki, ɗaya ya zama Gizo, ganyen darbejiya ya zama gashi. Kowa ya miƙa biyu ana ƙirgawa har 20, sannan su karɓe: 18, 16, 14. Bayan hankaka na uku a tsaya, a rubuta 20 − 6 = 14. Ran Alhamis kowa ya zana Gizo da gawayi a bayan kwali, da ƙa'ida ɗaya: gashi 10 a dama, 10 a hagu. Wanda ya zana 13 da 7 sai a tambaye shi ta wane gefe Gizonsa zai karkata. Ran Juma'a, da yake ana tashi da wuri, yaro ya riƙe zanensa ya ba maƙwabcinsa labarin, malami na zagayawa yana saurare.

Masu suka kan ce wannan wasa ne, yara za su riƙe Gizo su manta lissafi. Suna da hujja, kuma gwajinta mai sauƙi ne. Ran Juma'a a rubuta 16 − 4 ba tare da ambaton hankaka ba, kowa ya amsa a littafinsa. In ajin ya yi tsuru-tsuru, to ran Laraba an yi wasan kwaikwayo ne, ba a ƙetara daga ganye zuwa lamba ba. Haka nan in zane ya fito iri ɗaya daga layin gaba har na baya, allon malami aka kwafa. Amsar baki ɗaya ma yaudara ce, don yara biyar na iya ɗauke muryar aji guda.

Salon yana da iyaka. Matsayin lamba, wato dalilin da 2 ta cikin 20 ke nufin goma biyu, yana buƙatar darasi nasa da maimaici, kuma ba kowace tatsuniya ke ɗauke da lissafi ba. A ganina mako ɗaya a wata ya wadatar. In kai ne shugaban makaranta, ko uba mai duba littafin ɗansa, tambaya ɗaya za ka yi wa jadawalin: in aka canza lambar, shin wani abu zai canza ga Gizo? In a'a ne, a nemi wani labarin.