Raddi Ga Mai Cewa A Tsoma Ilektirod A Ruwa Kawai A Karanta

Wani abokin aikina, wanda nake girmamawa, ya rubuto 'yar takarda ga masu shirin auna fuloraid a rijiyoyi da burtsatsen Chikaji, da ruwan da 'yan garuwa ke turawa gida gida a Sabon Gari. Ya ce zuba TISAB ɓarnar kuɗi ce, saita na'ura kullum kuma ɓata lokaci ne. Malam, da girman kujerarka, ban yarda ba. Ga hujjojinka guda huɗu, ga amsar kowace.

Na farko, ka ce ilektirod na fuloraid ba ya jin komai sai fuloraid, saboda haka ba ya neman taimakon wani sinadari.

Rabin maganar gaskiya ne. Ƙwayar lantanam fuloraid da Frant da Ross suka fito da ita a 1966 tana da zaɓe ƙwarai. Sai dai abin da take ji shi ne fuloraid da ke yawo a sake, ba duk wanda ke cikin ruwan ba. Shi ya sa su biyun da kansu suka dawo a 1968 da haɗin TISAB. Girkin da aka fi amfani da shi yau sananne ne: a lita ɗaya, gishiri giram 58, asid na asetik mililita 57, CDTA giram 4, a ɗaga pH zuwa tsakanin 5.0 da 5.5. Gishirin yana rinjayar duk narkakken gishirin da ruwan ya zo da shi, sai samfur da ruwan ma'auni su zama ƙarfi ɗaya a wurin ilektirod. In ba haka ba, ka saita na'ura da tataccen ruwa, ka auna ruwan rijiya mai zartsi, karatun kan iya sauka da kusan kashi 10 cikin ɗari. Na amince wannan kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne a ruwa mai daɗi. Amma ba shi kaɗai ba ne. Idan ruwa ya yi tsami, pH ya gangara ƙasa da 5, fuloraid yakan kama haidurojin ya zama HF, ilektirod ya daina ganinsa. Idan pH ya haura 8, sai haiduroksaid ya yi shigar fuloraid, karatu ya hau bisa ƙarya. Wanda ya tsoma ilektirod a ruwa tsura bai san ta wane gefe aka cuce shi ba.

Na biyu, ka ce ruwan da za a auna garau yake, babu abin da zai tsoma baki.

Garau ɗin ne ma ya kamata ya sa ka tambaya. Ka san yadda uwargida ke yi in ruwan rijiya ya yi jawur da damina: ta ɗauko ɗan alif ta juya a randa sau biyu ko uku, kafin ta gama shara laka ta kwanta. Alif kuwa yana ɗauke da aluminiyam, da alif ɗin kuma ake tace ruwan famfo. Aluminiyam yana ƙanƙame fuloraid, ƙarfe ma haka amma bai kai shi ba, kuma ido ba ya ganin wannan ɗaurin. Aikin CDTA shi ne ya janye aluminiyam da ƙarfen ya saki fuloraid. Ba sai mun yi musu ba, a gwada. Ka ɗebi mililita 100 na ruwan da aka sa wa alif, ka ɗiga masa mililita 0.1 na ruwan ma'auni mai miligiram 1000 a lita. Ka ƙara masa miligiram ɗaya a lita ke nan. Ka raba biyu, ka auna ɗaya da TISAB, ɗaya babu, kowanne ka cire abin da ruwan ya ba da ta wannan hanyar kafin ƙarin. In a wanda babu TISAB ƙarin ya dawo kusa da ɗaya, hanyarka ta yi. In ya dawo rabi, sauran yana hannun aluminiyam.

Na uku, ka ce zuba TISAB sirki ne, yana rage fuloraid ɗin da ake nema.

Yana sirkawa mana. Mililita 25 na ruwa da mililita 25 na TISAB, ƙarfi ya koma rabi. To amma ruwan ma'auni ma haka ake yi masa, awo ɗaya, bututu ɗaya. Sirkin da ya faɗa wa ɓangare biyu daidai ba ya shiga lissafi. Inda ake kuskure shi ne a zuba wa samfur a manta ruwan ma'auni, sai sakamako ya zo rabi, a ɗora wa TISAB laifi. Laifin mai zubawa ne. A kuma yi aikin cikin kofin roba, don fuloraid da gilashi ba sa jituwa in an bar su sun daɗe tare.

Na huɗu, kuma shi ne mafi haɗari, ka ce saitin ranar Litinin ya isa mako guda, tunda na'urar tana riƙe shi.

Na'urar tana riƙe lambobi, ilektirod kuma yana gusawa. Dokar da yake bi ita ce E = E° − S·log C. Wato duk ninki goma na fuloraid, karatu yana sauka da S, wanda a zafin digiri 25 ya kai milibolt 59.2. Ma'anarsa, kuskuren milibolt ɗaya tak yana jawo kuskuren kusan kashi 4 cikin ɗari. Bari mu buga misali da lambobin da na ɗauka don bayani, ba na wata rijiya ba. Ruwan ma'auni mai miligiram 0.5 a lita ya ba da milibolt 118, mai 5.0 ya ba da 60. Tazara 58, ilektirod lafiya lau, don ana karɓar 54 zuwa 60. Samfur ya ba da 88. An sauko 30 daga 118. A raba 30 da 58, a sami 0.517. Goma a kan ƙarfin 0.517 ya ba da 3.29, a ninka da 0.5, a sami 1.64. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ita ce ta Najeriya, 1.5 ce. Wannan ruwa ya haura.

Yanzu a ce zuwa Alhamis ilektirod ya gusa da milibolt 5, ruwan nan dai ya ba da 93, kai kuma kana kan saitin Litinin. Lissafi zai ba ka 1.35. Ruwan da ya faɗi jarrabawa ya ci, ka sa hannu, aka buga hatimi. Gusawar 5 ba abin mamaki ba ce. Ruwan cikin ilektirod yana ƙafewa, kumfa tana maƙalewa a kan ƙwaya, zafi yana sauyawa. A safiyar hunturu ta Samaru, a digiri 20, S yana 58.2. Da azahar ɗin Afrilu, a digiri 35, ya kai 61.1. Jarkar da ta sha rana a bayan babur daga Chikaji, a bar ta ta huce tare da ruwan ma'auni kafin a taɓa ta.

Abin da nake kira gare shi ba mai yawa ba ne. A saita kowace rana da ma'auni uku aƙalla, a fara da mafi rauni, kuma su kewaye inda ake zaton samfur zai faɗa. A duba tazara kafin a ci gaba. Bayan kowane samfur goma a sake tsoma ilektirod a ma'aunin tsakiya, in ya kauce a sake saiti, a maimaita goman.

Malam, na lura da abu ɗaya. Zartsi, tsami da alif duk ƙasa suke jan karatu, wato wajen cewa ruwa lafiya. A Tibiri ta Maradi yara sun yi shekaru suna shan ruwan burtsatse mai fuloraid fiye da kima, ba launi ba wari, sai da haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, sannan magana ta fito fili. Ban ce Chikaji Tibiri ba ce. Na ce hanyarka ba za ta iya shaida mana cewa ba ita ba ce. Ka zo da jarkar da ka ga dama ranar Litinin, TISAB ɗin ni zan haɗa. In ƙarinka ya dawo cif babu shi a ruwan da aka sa wa alif, zan janye maganata a gaban ɗalibai. Allah ne mafi sani.