Rabin Karin Magana a Allon Shago

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Sunan ya gaya wa mai saye cewa abin da ke ciki ya fi abin da ya biya. Da masu karatu suka taƙaita shi zuwa Gaskiya, ma'anar ba ta goce ba, domin kalmar da ta rage ita ce wadda zancen ke yabo.

A ganina, nan ne ma'aunin yake. Bahaushe ba ya jin rabin karin magana ya bar shi haka, sai ya ƙarasa a zuci. Mai atamfa a Birnin Kudu da ya rubuta "Araha" a allonsa yana nufin sauƙin farashi, amma mai wucewa zai cike masa: "ba ta ado." Telan da ya zaɓi "Kyan Alkawari" kuwa ya dace, sai dai ya ɗaure kansa, domin "cikawa" za a tuna masa ranar jajiberin salla.

Kafin ka kira mai fenti, furta rabin a gaban dattawan kasuwar Gwaram, ka yi shiru. Abin da suka ƙarasa shi ne ainihin sunanka.