Kafin ka liƙa suna a jikin mota

Cikin 'yan uwanmu mazauna Landan akwai masu ƙananan kamfanonin jigila da yawa. Wani yana da mota ɗaya yana kai wa shagunan Peckham buhunan shinkafa da manja, wani yana tara akwatunan mutane ya tura su Kano ta jirgi. Da na duba sunayen da suke rubutawa a jikin motocin, kusan duk tsari ɗaya ne: sunan gari, sai sunan abin hawa, sai wata kalmar Turanci mai nuna gaggawa. Irin wannan suna yana aiki muddin kamfanin bai wuce unguwa ba. Ni damuwata ita ce ranar da mai shi zai so buɗe reshe a Abuja ko Yamai.

Mu fara da abin hawa. A 2013 wani matashi ɗan Estoniya, Markus Villig, ya kafa kamfanin da duniya ta sani da Taxify, daga kalmar tasi. Ya shigo Landan a Satumba 2017, bai cika mako ba hukumar sufurin birnin ta sa ya dakata saboda batun lasisi. Da ya dawo a Yuni 2019, sunansa ya riga ya koma Bolt, domin a lokacin ya shiga harkar babura da 'yan kekunan lantarki, sunan tasi ya yi masa kaɗan. Mutanenmu na Legas da Abuja sun daɗe suna cewa Taxify bayan canjin, wato kuɗin da aka kashe wajen koya wa mutane tsohon suna sai da aka sake kashe irinsa. A Landan ma akwai wani tarko na daban. Dokar motocin haya ta 1998 ta hana kamfanin da ake kira ta waya ya sa kalmar tasi a tallarsa, an bar ta ga baƙaƙen motocin nan da ake tsayarwa a titi.

A gida kuwa gwamnati ce ke iya raba ka da abin hawan cikin dare ɗaya. Kano ta hana ɗaukar fasinja a acaɓa a Janairu 2013. Legas ta hana okada a manyan sassanta a Fabrairu 2020, kuma kamfanin Gokada, wanda okadar ke cikin sunansa, dole ya koma kai saƙonni da abinci. Ga shi kuma babur ɗin haya ba ya ƙetare iyaka da sunansa: acaɓa ne a Kano, kabu-kabu a Maraɗi, zemijan a Kwatano. Duk wanda ka zaɓa, ka zama baƙo a sauran garuruwan.

Sunan gari yana da tasa illar, kuma ta shari'a ce. Dokar alamun kasuwanci ta Birtaniya ta 1994 ta hana yi wa suna rajista in bai wuce bayyana irin aikin ko wurin da ake yin sa ba. Dalilin a fili yake: ba za a mallaka wa mutum ɗaya kalmomin da kowane mai jigila ke buƙata don ya faɗi abin da yake yi ba. Saboda haka sunan da ya haɗa Landan da Kano da kai kaya yana iya samun shiga a Companies House, inda ake rajistar kamfanoni, amma da wuya ofishin alamun kasuwanci ya karɓe shi. Mutane da yawa ba su san cewa rajistoci biyu ne ba. Takardar kamfani tana hana wani ya kafa kamfani mai suna iri ɗaya da naka. Ba ita ce ke ba ka ikon hana wani rubuta sunan a motarsa ko manhajarsa ba.

To, in an koma ga kalmar Hausa zalla fa? Nan ne na fi son a tsaya a gwada, domin sunan zai ratsa bakuna uku: na Bahaushe, na Bature, da na mai karatu da ƙa'idar Faransanci. A ce mutum yana da sunaye huɗu a takarda: Sauri, Saƙo, Madugu da Ayari.

Sauri shi ne wanda kowa zai fara so. Amma ka faɗa wa Baturen Landan ta waya, abin da zai ji shi ne kalmarsu ta ban haƙuri. Mai Faransanci ma yana karanta haruffan au da sautin o, ya faɗo wuri ɗaya. Kamfanin kai kaya da ke buɗe baki da ban haƙuri, ai an gama masa ba'a tun kafin kaya su makara. Saƙo yana da ma'ana daidai, sai dai adireshin intanet mai ƙarewa da .uk ba ya karɓar harafi mai lanƙwasa. Dole a rubuta sako, wanda kalma ce daban, kuma mai kaya ba ya son jin an sako masa kayansa. Madugu yana da tarihi mai kyau, jagoran fataken da ke kai kanwa Gwanja su dawo da goro. Matsalarsa ƙarama ce: a Yamai da yawa za su rubuta Madougou, don haka sai an sayi adireshi biyu. Ayari ne ya fi tsallake gwajin. Ba lanƙwasa, rubutunsa ɗaya a harsunan uku, bai ɗaure ka da babur ko jirgi ba, kuma yana nuna tafiya da kaya ba tare da ya zama bayanin aikin kai tsaye ba. Ban ce babu mai shi ba. Irin waɗannan gajerun kalmomi su ake fara kwashewa, shi ya sa bincike ke zuwa kafin fenti.

Binciken na Birtaniya kyauta ne a shafin gov.uk. Ana rajistar alama ne rukuni-rukuni. Sufuri da ajiyar kaya da isar da su suna rukuni na 39, manhajar waya tana rukuni na 9. A duba duka biyun, a kuma nemi sunayen da suka yi kama a furuci, ba a rubutu kaɗai ba. Bayan an shigar da takarda kuma ofishin ya amince, ana wallafa sunan na wata biyu don mai ƙorafi ya fito. In ba a samu ba, rajistar tana aiki shekara goma, ana sabuntawa.

Rajistar nan iyakarta Birtaniya. Tun farkon 2021 sabuwar rajistar Tarayyar Turai ba ta haɗa da Birtaniya, ta Birtaniya ma ba ta kare ka a Faris. Akwai tsarin Madrid, wanda ke ba ka damar neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, amma Najeriya ba ta ciki. Sai ka nemi wakili ya shigar maka a ofishin alamun kasuwanci na Abuja, kuma nan ma rajistar CAC ta kamfani ce kawai. Nijar ta fi sauƙi: tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke ɗaukar ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi da Benin.

Shawarata ga mai ƙaramin jari ita ce ya yi ta Birtaniya da ta Najeriya a lokaci guda, tun kafin ya fara talla. Tallar da aka yi a Landan tana isa wayoyin Kano a ranar, kuma wanda ya riga ka shigar da sunan a Abuja zai iya sa ka sayi naka a hannunsa. Sauran ƙasashen a jira sai shirin shiga ya kankama, domin a Birtaniya da Turai alamar da ta yi shekara biyar ba a amfani da ita, wani na iya neman a soke ta.