Sha'anin Kasuwa: Farashi Na Faɗuwa, Alkawuran Ciniki Na Ƙaruwa

A manyan kasuwannin duniya akwai wani irin ciniki da ake ƙullawa yau a kan kayan da ba za a miƙa ba sai bayan wata ɗaya ko fiye. A kasuwar ɗanyen mai ta birnin New York, alal misali, kowane alkawari guda ganga 1,000 ne, kuma dole ya kasance da mutum biyu, watau wanda ya ɗauki nauyin saye da wanda ya ɗauki nauyin sayarwa. Kowace rana hukumar kasuwa takan ƙidaya alkawuran da aka ƙulla ba a warware ba tukuna. Wannan adadi shi ne 'yan kasuwa ke gani a allo da sunan Open Interest, ko OI a taƙaice.

Ba kowane ciniki ke ƙara adadin nan ba. In sabon mai saye ya gamu da sabon mai sayarwa, alkawari ɗaya ya ƙaru. In tsohon mai saye ya miƙa nasa ga wani sabo, adadi yana nan inda yake, hannu kawai aka sauya. In kuwa tsofaffin biyu suka warware, ɗaya ya ragu. Saboda haka idan aka ga farashi yana gangarawa alhali kuwa alkawura suna ta hauhawa, to ba watsewa kasuwa ke yi ba. Sababbin mutane ne ke shigowa da sabon kuɗi.

Fassarar da aka saba ji ita ce, masu cacar faɗuwar farashi ne suka yi yawa. Akwai gaskiya a ciki, domin farashi ba ya sauka sai masu sayarwa sun fi ƙagara, suna yarda da duk tayin da aka yi musu. Amma fa rabin magana ke nan. Duk alkawarin da mai cacar faɗuwa ya ƙulla, akwai wani a ɗaya gefen da ya ce ya saya, yana ganin ya tsinci dami a kala. Yawan alkawuran saye daidai yake da yawan na sayarwa, ko ɗaya ba ya fi.

Abin da ke sa lamarin ya zama mai haɗari shi ne, yawancinsu ba su biya kuɗin kayan ba. Dillali kan karɓi ɗan abin kafin alƙalami ne kurum, ya bar mutum ya riƙe ciniki mai nauyin da ya ninka jarinsa. A ɗauka ganga tana Dala 20, alkawari guda ya kama Dala 20,000 ke nan, a ce kuma dillali ya karɓi Dala 5,000. Kowace Dala ɗaya da ta zube daga farashin ganga, Dala 1,000 ce ta fita daga ajiyar mai saye a ranar, ba sai wa'adi ya cika ba. Tun kafin ganga ta sauka zuwa Dala 15 dillali zai aiko a ciko kuɗi, in ba a ciko ba ya sayar da alkawarin ko mai shi ya so ko ya ƙi. Wannan sayarwa ta tilas takan ƙara danne farashi, ta jawo na kusa da shi shi ma ya faɗa.

An ga haka ƙuru-ƙuru a shekarar 2020. A farkon Janairu gangar man Amirka tana sama da Dala 60. Da annobar korona ta tsayar da jirage da motoci, kuma Saudiyya da Rasha suka saɓa a kan rage haƙo mai cikin watan Maris, sai farashi ya rufto zuwa wajen Dala 20. Maimakon mutane su gudu, sai alkawura suka yi ta ƙaruwa. Kamfanonin haƙo mai suna sayarwa don kare kansu, 'yan caca suna sayarwa don neman riba, a ɗaya gefen kuma ƙananan masu jari daga Amirka har ƙasar Sin suna ta kwasa, wai mai bai taɓa yin araha irin wannan ba. Ashe kallon kitse ake yi wa rogo.

Alkawarin watan Mayu wa'adinsa 21 ga Afrilu ne, kuma duk mai sayen da ya riƙe shi har ƙarshe wajibi ne ya karɓi mai na zahiri a garin Cushing na Jihar Oklahoma. Tankunan garin kuwa sun kusa cika, sauran wurin da ya rage an riga an kama. A ranar Litinin 20 ga wata aka wayi gari da alkawura fiye da 108,000 ba a warware ba, adadin da hukumar kula da irin wannan ciniki ta Amirka ta ce ya zarce yadda aka saba gani a jajibirin cikar wa'adi nesa ba kusa ba. Masu saye da yawa ba su da ko tulun zuba mai, suka taru a ƙofa ɗaya za su fita. Farashin da aka tashi da shi ran Juma'a a Dala 18.27 ya rufe a Dala 37.63 ƙasa da sifiri, watau mai kaya ne zai biya a raba shi da kayansa. Hasarar alkawari guda ta kai Dala 55,900 a yini ɗaya. Mai ajiyar Dala 5,000 na misalin nan jarinsa ya tafi, ga bashin da ya ninka shi sau goma. A ƙasar Sin har waɗanda suka ajiye cikakken kuɗi ta hannun banki sun tashi ana bin su.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kullum masu saye ne ke shan kashi. Mai cacar faɗuwa shi ma da kafin alƙalami ya shiga, kuma ba shi da hanyar fita sai ya saya. In farashi ya ɗan ɗaga, dillali ya matsa masa, sayensa na tilas ya ƙara tura farashi sama. Kafin ƙarshen watan Mayu na wannan shekara ganga ta koma wajen Dala 35, waɗanda suka shiga sayarwa a makare suka ɗanɗana kuɗarsu. Adadin alkawura yana nuna nauyin kayan da aka ɗora wa jaki ne, ba ya faɗin gefen da kayan zai zube.

To ta yaya ake gane gefen da ya fi rauni? A Amirka hukumar takan fitar da rahoto kowace Juma'a mai nuna abin da manyan 'yan caca da kamfanoni masu kaya suke riƙe da shi, amma lissafin na ranar Talata ne, ya kwana uku kafin ya iso. Bambancin yana da amfani, domin kamfanin da ya sayar don kare man da yake haƙowa ba ya firgita in farashi ya tashi, yana da kayan miƙawa. A kasuwar kuɗin intanet irin su Bitkoyin, wadda samarinmu da dama suka ruga cikinta, akwai wani ma'auni da ake kira Funding Rate. In yana sama da sifiri alhali farashi na faɗuwa, masu saye da kuɗin aro ne suka nace suna biyan ɗaya gefen, su ne kuma a bakin rami. In ya nutse ƙasa da sifiri ƙwarai, masu sayarwa ne suka cunkushe.

Akwai kuma kuskuren da akan yi wajen karanta adadin kansa. Wasu alluna da Dala suke auna shi, saboda haka yakan motsa tare da farashi ko ba a ƙulla sabon alkawari ba. Ƙidayar alkawuran ita ce abin dubawa. Ranar da aka ga farashi ya zabura kuma adadin ya zube gaba ɗaya cikin 'yan sa'o'i, to dillalai ne suka rufe wa mutane ciniki da ƙarfi, kuma gefen da farashin ya nufa shi ke nuna su wa aka kora.