A Bar Ce Wa Ɗalibi Mai Ciwo Ba Shi da Bangaskiya

Da zarar an manna jadawalin jarrabawa a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, zumuntarmu ta san abin da take yi: a tsawaita addu'a, a sa azumi, a shirya kwanan addu'a. Ba ni da faɗa da addu'a. Faɗana da amsar nan ne da muke ba duk wanda ya ce zuciyarsa ta yi nauyi: "Ka tsauta wa ruhun tsoro, ɗan Allah ba ya karaya." Wannan amsa tana rufe bakin marar lafiya, kuma ba haka Ubangiji ya yi da bayinsa ba.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19. Iliya ya fito daga nasarar Dutsen Karmel, Yezebel ta aiko masa da barazana, ya gudu jeji, ya zauna gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sāke tashinsa ya ci. Sai da ya kai Horeb aka tambaye shi damuwarsa, aka saurare shi, aka gyara masa lissafinsa na cewa shi kaɗai ya rage, daga baya aka haɗa shi da Elisha. Mu kuwa mun juya tsarin. Wanda ya kwana huɗu bai runtsa ba, muna kiransa kwanan addu'a. Wanda abinci ya daina shiga cikinsa, muna sa shi azumi.

Ba kowane tsoron jarrabawa ba ne ciwo. Faɗuwar gaba kafin a raba takarda, da gumin tafin hannu, da kasa barci daren jajiberi, duk suna wucewa in an fito daga zaure. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa daban yake, kuma ma'auninsa lokaci ne: mako 2 ko fiye, kusan kullum, mutum yana cikin ƙunci ko kuma abin da yake so a dā ya fita daga ransa. Ga 'yar ƙungiyar mawaƙa da ta daina zuwa koyon waƙa, tana farkawa ƙarfe uku na dare barci ya ƙi dawowa, ta karanta shafi ɗaya sau biyar ba abin da ya zauna, tana cewa ita asara ce ga iyayenta. Mu sai mu ce ta ja da baya cikin bangaskiya, mu tura mata masu ziyara da ayoyi. Ciwo ne gare ta, kuma yana da magani.

To, me mai ba da shawara na makaranta zai yi wanda shugaban zumunta ba ya yi? Bari mu ɗauki misali. A ce wani ɗan aji biyu ya gama shekarar farko da yunit 40 da matsakaicin maki 2.60, wato jimillar maki 104. Zangon da ya biyo ya ɗauki yunit 20, ya faɗi kwas biyu masu yunit uku-uku, sauran yunit 14 ya sami C, mai maki 3, wato 42. A ransa an gama da shi: za a kore shi, kuɗin da aka sayar da hatsi aka biya ya tafi a banza. Ya ɓoye wa gida, ya koma shan neskafe yana kwana kan littafi, har wani ya miƙo masa ƙwaya wai ta hana barci. Amma a tara 104 da 42, a raba 146 da yunit 60, za a sami 2.43. A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke bi, digiri mai daraja ta biyu ƙarama yana farawa daga 2.40. Yaron da ke ganin kabarinsa bai ko fita daga wannan aji ba. Kariyoba biyu gare shi, zai sāke rubuta su.

Irin wannan zama ne aikin ofishin ba da shawara. A sa alƙalami kan takarda a raba abin da ya faru da abin da tsoro ya ƙara. A tsara lokacin karatu da na barci. A yi shawarar yadda zai gaya wa mahaifinsa, da wanda zai gani a sashensu kan rajistar kwasan da ya faɗi. Ofishin yana da iyaka, kuma gara a sani tun farko: ba ya canza maki, ba ya rubuta magani. In ciwon ya wuce magana, sai a tura asibitin makaranta, daga can zuwa likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Maganin damuwa kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa. Saboda haka duk mai ɗora hannu da ya ce wa ɗan'uwa ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya, ya sani rai yake wasa da shi.

Na san abin da za a ce, don mu 'yan kaɗan ne a Wudil: "Ai mai ba da shawarar ba mai bi ba ne, yaya zan kai masa asirina?" Da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da kai, ka tambayi addinin wanda ya yi maka allura? Direban da ya ɗauko ka daga Kano fa? Riƙe sirri ƙa'idar aikinsu ce, sai fa in rai na cikin haɗari. Ka tambaye shi a zaman farko wa zai ga abin da ya rubuta, hakkinka ne. Kuma mu faɗi gaskiya, sirrin ɗalibi ya fi saurin tsiyayewa a wajenmu, inda ake miƙa shi a matsayin roƙon addu'a gaban mutum hamsin. Lokacin ba da shaida ma, masu A ne kawai ke riƙe makirfo. Mai F yana kujerar baya yana koyon cewa Allah ya amsa wa kowa ban da shi.

Akwai inda ba a jira. In ɗan'uwa ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rarraba kayansa, ko yana ban kwana a waya ba tafiya, tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta shuka tunanin a zuciyar da babu shi, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Kada ka yi masa alkawarin rufa wannan asiri. Ka yi addu'a, amma ka yi ta kuna cikin mota.

Tun watan Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon marasa lafiya a matsayin mahaukatan da za a kulle. Gwamnati ma ta sauya harshe, bai kamata ikilisiya ta zo ƙarshe ba. Shugabannin zumunta, kafin jarrabawa mai zuwa ku je ofishin kula da harkokin ɗalibai ku tambayi ina mai ba da shawara yake zama da sa'o'in da ake samunsa, ku sanar a sujada kamar yadda kuke sanar da baiko. Ku ɗage kwanan addu'a zuwa bayan takarda ta ƙarshe. Ku zaɓi 'yan'uwa biyu, namiji da mace, masu iya riƙe baki, waɗanda za su raka mai jin kunya har ƙofar ofishin su zauna a waje su jira shi.