Yawan mabiya ba shi ne jama'a ba

A Gusau yanzu, idan ana so a ce matashin ɗan kasuwa ya yi jama'a, sai a ambaci yawan mabiyansa a TikTok ko Facebook. Wannan awo na bogi ne. Mabiyi na iya zama a Legas ko Jidda, yana iya zama asusun da aka saya da kuɗi, kuma danna maɓalli bai ɗora masa nauyin komai ba.

A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, an ga bambancin ƙarara. Makonni aka yi ba waya. Mai dubban mabiya ya rasa hanyar isa gare su, amma telan da ake cewa “je wurinsa, ka ce ni na turo ka” bai rasa mai ƙwanƙwasa ƙofarsa ba.

Abin da ya cancanci ƙirge shi ne abin da ya ci wa wani lokaci ko mutunci: amsa, haɗuwa, da turo wani. A ɗauka mai ɗinki a Tudun Wada ta tura saƙo ga mutum 40 a wata guda, masu shagunan atamfa da masu kwalliyar amare. Goma suka amsa. Nan ma sai an tace, domin “Masha Allah, Allah ya sa albarka” ladabi ne kawai, amsar da ake rubutawa a littafi ita ce “Nawa ne?” ko “Yaushe za ki shigo?” Huɗu suka yarda aka zauna, ɗaya ta turo ƙanwarta daga Bungudu da kayan lefe.

Waɗannan lambobi suna nuna inda ciwo yake. Idan amsa ta yi ƙaranci, ko dai saƙon na gama-gari ne da aka watsa wa kowa, ko an aika wa waɗanda ba su da buƙata. Idan ana amsawa amma ba a haɗuwa, galibi ba a yanke rana da wuri ba, an tsaya kan “sai mun yi waya”. Mafi muni shi ne a yi ta haɗuwa ba wanda ya turo kowa: aikin ne ko cika alƙawari ke da matsala, don ba mai jingina sunansa ga telan da ke saɓa ranar Sallah. Ana gano mai turowa da tambaya ɗaya ga kowane sabon mai saye: “Wa ya turo ki, Hajiya?”

Awon yana da iyaka. Turo mutum kan ɗauki watanni, sai biki ko Sallah ta kawo buƙata, don haka lissafin mako ɗaya ba ya nuna komai. Haka kuma dillalin hatsi a Tsafe na iya ƙin hawa hanyar Gusau saboda tsaro, ba don raini ba. Doguwar hira ta waya da ta kai ga maganar farashi da awo sai a lissafa ta a matsayin haɗuwa.